Takardar Gargaɗi ta Ƙarshe Kan Ƙin Bin Umarni: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masu makarantun kuɗi da manyan shaguna a cikin Kano, suke yawan yi idan wani ma'aikaci ya riƙa bijire wa na gaba da shi har abin ya kai maƙura. Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan bi ta da misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe.

A ce wata masana'antar roba ce a Sharaɗa, tana da ma'ajin sito da ya shekara 9 yana aiki. A watan Janairu kamfani ya kafa doka cewa kada kaya su fita daga sito sai da takardar fitar da kaya mai ɗauke da sa hannun shugaban sashe. Shi kuwa ma'aji ya saba dillalai su kira shi a waya ya loda musu, a cike takarda daga baya. Ranar 14 ga Fabrairu ya loda ba takarda, aka yi masa gargaɗin baki. Ranar 20 ga Maris ya sake, aka ba shi gargaɗi a rubuce. Ranar 6 ga Mayu shugaban sashe, wanda yaro ne a kansa, ya ce ya dakata da lodin bokiti dozin 200 har takarda ta zo. Ma'aji ya ce masa a gaban leburori, "Na riga ka zuwa gidan nan, ba kai za ka koya mini aiki ba," ya ci gaba da lodi.

Mene ne ainihin ƙin bin umarni? Duk wanda ya yi wa oga gardama ya shiga ciki?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kafin a ce mutum ya ƙi bin umarni, sai an tabbatar da wasu abubuwa. Dole ne a ce an ba da umarnin a fili, ma'aikacin ya ji kuma ya fahimta. Dole ne wanda ya ba da shi ya kasance yana da hurumin bayarwa. Umarnin ya zama halattacce, bai saɓa wa doka ba, kuma ya shafi aikin da aka ɗauki mutumin ya yi. Sannan ƙin yin ya zama da gangan, ba mantuwa ko rashin iyawa ba.

A misalinmu duk sun cika. Dokar takarda ta shafi aikin sito kai tsaye, shugaban sashe ne ke da ikon faɗa, kuma ma'aji ya ji ya ƙi. To amma da a ce ma'aji ya ce, "Wannan tsarin yana ɓata mana lokaci, dillalai suna ƙorafi," sannan ya jira takardar, ba a kama shi da komai ba. Ya faɗi ra'ayinsa ne, kuma wataƙila ma yana da gaskiya. Ma'aikacin da bai durƙusa ya gai da manaja ba, ko wanda fuskarsa ba ta sakewa, ko wanda ya tambayi dalilin wani umarni, bai aikata laifin da ake rubuta wa wannan takarda ba. Na dage a kan wannan saboda takardun gargaɗi da yawa, idan ka bi diddiginsu, ba kamfani aka yi wa laifi ba, zuciyar oga ce aka sosa.

Akwai umarnin da ma'aikaci yake da ikon ƙin bi?

Akwai. Idan aka ce direba ya fita da mota mai lalataccen birki, ko aka ce akawu ya rubuta rasit na ƙarya, ko aka ce lebura ya sa hannu a injin da aka cire masa murfin kariya, ƙin yin ba laifi ba ne. Haka idan umarnin ya tauye wani haƙƙi da Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci. Sashe na 13 na dokar ya ba wanda yake aikin awa shida ko fiye a yini hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kuma hutun yini ɗaya a cikin kowane kwana bakwai. Sashe na 54 ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini domin ta shayar da jaririnta. Sashe na 9 ya hana a kori mutum ko a cutar da shi saboda yana cikin ƙungiyar ƙwadago. Wanda ya tsaya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ba a rubuta masa gargaɗin taurin kai.

Akwai kuma umarnin da bai shafi aiki ba, kamar manaja ya aiki ma'ajin sito ya kai masa yara makaranta ko ya yi wa uwargida cefane a Kasuwar Rimi. Mutane suna yi don kunya da zaman tare, amma ranar da mutum ya ce ba zai je ba, ba a buɗe masa fayil a kai.

Doka ta ce sai an yi gargaɗi sau nawa kafin na ƙarshe?

Dokar Ƙwadago ba ta ƙayyade adadi ba. Abin da ke ɗaure kamfani shi ne takardar ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikata da shi kansa ya rubuta. Idan kundin ya ce gargaɗin baki, sai na rubuce, sai na ƙarshe, to kotu za ta duba ko an bi su a jere, kuma tsallake mataki ɗaya yana iya rushe duk abin da ya biyo baya. Don haka abu na farko da manaja zai yi shi ne ya buɗe kundinsa ya karanta, kafin ya ɗauki biro.

Idan kuwa babu kundi, kamar yadda yake a shaguna da yawa a Kantin Kwari da Singa, akwai gyaran da ya kamata a fara yi. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika da fara aiki. Maigidan da bai taɓa rubuta wa yaronsa abin da ake so ya yi ba, zai sha wuya wajen nuna cewa yaron ya saɓa.

Wani abu kuma da ya kamata a sani: tun bayan gyaran tsarin mulki na uku na shekarar 2010, sashe na 254C ya mayar da shari'o'in aiki hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, kuma ya ba ta damar duba kyawawan ƙa'idojin aiki na duniya. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce kada a sallami ma'aikaci saboda halinsa sai an ba shi damar kare kansa. Najeriya ba ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar ba, amma kotun ta sha kafa hujja da ita. Zamanin da maigida zai ce "na ɗauke ka, na kore ka, ba sai na faɗi dalili ba" ya dogara da hakan, yana shuɗewa.

Me za a yi kafin a rubuta takardar?

A saurari mutumin. Takardar gargaɗi ta ƙarshe hukunci ce, hukunci kuwa ba ya zuwa kafin a ji ta bakin wanda ake tuhuma.

A misalinmu, ranar 7 ga Mayu sai a nemi shugaban sashe ya rubuta abin da ya faru, da lokaci da kalmomin da aka faɗa. A ɗauki bayanin mutum biyu daga cikin waɗanda suke wurin, kowa shi kaɗai, kada a tara su wuri ɗaya su riƙa gyara wa juna zance. A duba littafin maigadi a ga ƙarfe nawa motar ta fita, a duba ko takardar fitar da kaya ta zo daga baya. Sannan a ba ma'aji takardar neman bahasi, wadda ma'aikata suka fi sani da kwiri, a faɗa masa takamaiman abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokacin amsawa. A aikin gwamnatin tarayya sau da yawa akan ba da awa 72. Kamfanoni masu zaman kansu da yawa suna ba da awa 24 ko 48. Ni ina ganin awa 24 ta yi kaɗan ga mutumin da sai ya nemi wanda zai taya shi rubutu. A ba shi 48 ko 72, babu abin da kamfani zai rasa.

Kotun Ƙoli, a shari'ar Imonikhe da Bankin Unity ta shekarar 2011, ta nuna cewa ba da takardar tuhuma da karɓar amsar ma'aikaci a rubuce suna iya wadatarwa a matsayin an saurare shi. Duk da haka, idan maganar ta zama wannan ya ce kaza wancan ya ce ba haka ba, zama ya fi. A kira ma'aji, a bar shi ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, a karanta masa abin da shaidu suka faɗa, ya yi tambaya idan yana da ita, a rubuta abin da aka tattauna.

Sharaɗi ɗaya ba a wasa da shi: shugaban sashen da aka yi wa tsaurin ido ba zai zama shi ne mai yanke hukunci ba. Shi mai ƙara ne. Manajan ma'aikata ko wani babba da ba ya cikin rigimar shi zai zauna a kan maganar. A ƙaramin wuri inda maigida shi ne komai, aƙalla ya bari fushinsa ya huce, ya sa wani dattijo a cikin ma'aikata ya zauna tare da su.

Idan amsarsa ta fito da wani abu da ba a sani ba fa?

To amfanin sauraren ke nan. A ce ma'aji ya rubuta cewa babban darakta ne da kansa ya kira shi a waya ya ce ya sallami wannan dillali nan take. Wannan ya canja komai, domin mutum ne aka ba shi umarni biyu masu karo da juna, ya bi na wanda ya fi girma. A nan gyaran yana wuyan kamfani: a sanar da kowa, har da darakta, cewa ba a fitar da kaya ta waya. Abin da ya rage a kan ma'aji shi ne maganar da ya yaɓa wa shugabansa a gaban leburori, ita kuwa wataƙila ba ta kai ta gargaɗin ƙarshe ba.

Ko kuma a ce ya nuna cewa shugaban sashe yakan ɓace awa biyu ba a samun sa hannunsa, motoci suna jere dillalai suna zagi. Wannan bai wanke shi ba, domin yana da hanyar kai ƙara sama bai bi ba. Amma dole takardar ta ambaci cewa an ji wannan ƙorafi, kuma kamfani ya naɗa wanda zai sa hannu idan shugaban ba ya nan. Ba adalci ba ne a ce mutum ya bi tsarin da kamfani bai sa ya yiwu a bi shi ba.

Me ya kamata takardar ta ƙunsa? A ba mu misali.

Ga yadda za ta iya kasancewa idan bincike ya tabbatar da laifin:

"GARGAƊI NA ƘARSHE. Ranar 6 ga Mayu da misalin ƙarfe 11 na safe, shugaban sashenka ya umarce ka da ka dakatar da lodin bokiti dozin 200 har sai takardar fitar da kaya ta iso. Ka ƙi, ka ci gaba da lodi, kuma ka ce masa a gaban ma'aikata ba shi zai koya maka aiki ba. Wannan ya saɓa wa sanarwar kamfani ta watan Janairu kan fitar da kaya, wadda ka sa hannu ka karɓa.

"An yi maka gargaɗin baki a kan irin wannan ranar 14 ga Fabrairu, da gargaɗi a rubuce bayan abin da ya faru ranar 20 ga Maris. An ba ka takardar neman bahasi ranar 8 ga Mayu, ka amsa ranar 10, kuma an zauna da kai ranar 13 tare da abokin aikin da ka zaɓa. Mun duba bayaninka cewa ana jinkirin samun sa hannu. Daga yau mataimakin shugaban sashe zai sa hannu idan shugaban ba ya nan. Sai dai wannan jinkiri bai ba ka ikon fitar da kaya bayan an ce ka dakata ba.

"Abin da ake buƙata daga gare ka: kada ka fitar da kowane kaya sai da takarda mai sa hannu, idan kana da ja a kan wani umarni, ka kai wa manajan ma'aikata a ranar, ba a filin lodi ba. Wannan gargaɗi zai yi aiki na wata 12 daga yau. Idan ka sake ƙin bin halattaccen umarni a cikin wannan lokaci, hakan yana iya kai wa ga sallamarka daga aiki. Za a zauna da kai bayan wata ɗaya, da kuma bayan wata uku, a duba yadda abubuwa suke tafiya. Kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga babban manaja a rubuce cikin kwanakin aiki biyar."

A lura da abin da babu a cikinta. Babu "kai mutum ne mai girman kai", babu "kullum haka kake", babu "kowa ya gaji da kai". Waɗannan hukunci ne a kan halin mutum, ba za a iya tabbatar da su ba, shi ma ba zai iya kare kansa daga gare su ba. Rana da lokaci da abin da aka ce da abin da aka yi, su ne ake iya tabbatarwa. Haka kuma ba a cusa tsofaffin laifuffukan da ba a taɓa tuhumarsa da su ba, kamar makarar da ya yi bara. Abin da ba a ba shi damar amsawa ba, ba ya shiga takardar.

A lura kuma an ce "yana iya kai wa ga sallama", ba a ce "ka kori kanka" ba. Ko ya sake, sai an sake saurarensa.

Da wane harshe za a rubuta?

Kamfanoni sun saba rubutawa da Turanci, kuma babu laifi a ajiye ta Turancin a fayil. Amma idan ma'aikacin Hausa ya fi ji, a haɗa masa da ta Hausa, ko a karanta masa a fassara a gaban shaida, a rubuta a ƙasan takardar cewa an yi haka da sunan wanda ya fassara. Gargaɗin da mutum bai fahimta ba bai gargaɗe shi da komai ba. Wannan ya fi muhimmanci ga direbobi da masu gadi da leburori, waɗanda da yawansu karatun allo suka yi, suna karanta ajami sarai amma boko sai a hankali.

Wata nawa gargaɗin zai yi yana aiki?

Doka ba ta faɗa ba. Abin da aka fi yi shi ne wata 6 ko wata 12. A rubuta wa'adin a cikin takardar, kuma idan ya cika lafiya, a sanar da mutumin a rubuce cewa ya fita. Kada a zaro gargaɗin shekara huɗu da ta wuce a ce shi ne hujjar korar yau.

Za a iya haɗa gargaɗin da yanke albashi ko dakatarwa?

A yi hattara sosai a nan. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki ya cire kuɗi daga albashin ma'aikaci da sunan tara. Idan ma'aikaci ya jawo wa kamfani asara da gangan ko ta sakaci, ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Al'adar nan ta "an yanke maka dubu biyar saboda rashin kunya", wadda ta zama ruwan dare a wasu wuraren aiki, ba ta da gindin zama a doka. Dakatarwa ba tare da albashi ba kuwa sai idan takardar ɗaukar aiki ko kundin ƙa'idoji sun tanade ta, in ba haka ba kotu tana iya cewa a biya mutumin kuɗin kwanakin.

Bayan maganar doka, akwai ta hikima. Gargaɗin ƙarshe kansa nauyi ne babba a kan magidanci. Idan aka ɗora masa yankan albashi da canjin wurin aiki da hana shi ƙarin girma duk a lokaci ɗaya, zai ɗauka an riga an gama da shi, wanda ya ɗauka haka kuwa ba ya gyarawa.

Ya ƙi karɓar takardar, ko ya ƙi sa hannu. Yaya za a yi?

A bayyana masa cewa sa hannun shaidar karɓa ce kawai, ba amincewa da laifi ba, kuma a rubuta hakan a saman wurin sa hannun. Yana da ikon ƙara "na karɓa amma ban yarda ba". Idan duk da haka ya ƙi, a karanta masa a gaban shaidu biyu, su sa hannu cewa an karanta an miƙa ya ƙi karɓa, da rana da lokaci. Kada a mai da ƙin sa hannun wani sabon laifi. Mutum ne a cikin ɓacin rai, sau da yawa washegari shi da kansa zai zo ya karɓa.

A ba shi takardar a ofis, ƙofa a rufe. Ba a manna ta a allon sanarwa, ba a tura ta zauren WhatsApp na ma'aikata. Dattijon da aka tozarta a gaban yaran da yake ba umarni ya rasa abin da zai tsaya ya kare, kuma kamfanin ne zai ga sakamakon a sito.

An turo mana dattawa da limamin unguwa suna ba da haƙuri. Mu janye?

Wannan tambaya ce ta Kano sosai, kuma ba na ganin daidai ne a yi kamar babu ita. Mutum ya shekara 9 a wuri, wataƙila wani aminin maigida ne ya kawo shi, wataƙila unguwarsu ɗaya. Ranar da takarda ta fita, da magariba za a yi sallama a ƙofar gida: "Alhaji, a dubi Allah a dubi iyalinsa."

A karɓe su da mutunci, a saurare su, domin alheri suka zo nema. Amma a faɗa musu gaskiya: "Malam, ba korarsa aka yi ba. Takardar nan dama ce aka ba shi, kuma abin da ake nema a wurinsa abu biyu ne, ga su. Ku taya mu yi masa magana." Sau da yawa dattawan nan su ne suka fi kowa iya sa shi ya sauko, domin zai ji daga bakinsu abin da ba zai ji daga bakin yaron da aka ɗora a kansa ba.

Janye takardar saboda roƙo kawai yana da illa biyu. Shugaban sashe ya gane cewa maganarsa ba ta da nauyi, gobe ba zai ƙara hana kowa komai ba. Sauran ma'aikata kuma sun gane cewa doka tana hawa kan wanda ba shi da kowa ne kawai. Ranar da aka kori wani lebura bare a kan irin wannan laifi, zai ce an yi son kai, kuma gaskiya ya faɗa. Hanyar janyewa ɗaya ce, ita ce ɗaukaka ƙara, idan ta nuna an yi kuskure a bincike ko hukuncin ya yi tsanani. In an janye ta wannan hanya, a rubuta dalili.

Ta yaya za a gane cewa gargaɗin bita da ƙulli ne, ba gyara ba?

Akwai alamu. Gargaɗi uku sun fito a cikin mako biyu bayan shekaru ba a taɓa cewa komai ba. Takardar ta biyo bayan mutumin ya nemi kuɗin ƙarin lokaci, ko ya shiga ƙungiya, ko ya kai ƙarar wani babba. Wasu suna yin abin da ya yi ba a ce musu uffan ba. An riga an fara neman wanda zai maye gurbinsa. Ko kuma an bar laifin ya kwana wata huɗu ana dariya da shi, sai da aka ɓata a kan wani abu daban aka tono shi. A shari'a ana iya ɗaukar irin wannan dogon shiru a matsayin an yafe.

Manajan da yake son ya auna kansa, ya tambayi zuciyarsa: idan mutumin nan ya gyara gobe, zan yi farin ciki ya zauna? Idan amsar a'a ce, to ba gargaɗi yake rubutawa ba. Gara ya zauna da mutumin a yi maganar rabuwa ta mutunci, a biya shi haƙƙinsa cikakke.

Ni ne aka ba takardar. Me zan yi?

Ka karɓa, ka sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafinka. Kada ka yi gardama a wurin. Ka je gida ka karanta a natse, ka ware abin da yake gaskiya da wanda ba gaskiya ba. Idan akwai kuskure a rana ko a abin da aka ce ka faɗa, ko ba a saurare ka ba, ka rubuta ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da aka ba ka, gajere, da hujja, ba zagi. Ka nemi a sa amsarka a fayil ɗinka. Idan kana cikin ƙungiya ka sanar da wakilinku, kuma kana iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke Kano.

A cikin wannan lokaci ka riƙa bin umarni ko da kana ganin tsarin bai yi ba, muddin bai saɓa wa doka ba kuma ba zai cutar da kai ba, sannan ka kai ƙorafinka a rubuce. Kuma kada ka yi zuciya ka ajiye aiki a ranar. Wanda ya tafi da kansa cikin fushi yakan rasa abin da zai samu da ya tsaya.

Idan ya sake a cikin wa'adin, shi ke nan an kore shi?

Ba kai tsaye ba. A sake ba shi takardar neman bahasi, a sake saurarensa, a tabbatar sabon laifin irin wanda aka yi gargaɗi a kansa ne. Ma'ajin da aka gargaɗa kan fitar da kaya ba takarda, idan ya makara minti 20 saboda cunkoso a Ɗan Agundi, wannan wani abu ne daban, ba ya tayar da gargaɗin ƙarshe.

Idan kuwa ya tabbata ya sake loda kaya bayan an ce ya dakata, kamfani yana da hanya biyu. Yana iya kawo ƙarshen aikin da sanarwa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin sanarwa ya zama yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Ma'ajinmu mai shekara 9 yana da wata ɗaya ke nan, ko albashin wata ɗaya a madadinsa, sai fa idan takardar ɗaukarsa ta ba shi fiye da haka, sai a bi ta. Hanya ta biyu ita ce kora nan take ba sanarwa, wadda sashen bai hana ba idan laifin ya yi girman da ya rushe amanar aiki, amma nauyin tabbatar da hakan a kotu yana kan kamfani.

Ga mutumin da ya ba wuri shekara 9 kuma ba sata ya yi ba, ni hanyar farko nake ba da shawara. A rubuta dalilin sallamar a fili, a ambaci gargaɗin ƙarshe da ranarsa, a biya shi albashin kwanakin da ya yi da kuɗin sanarwa da na hutun da bai ci ba da duk abin da kundin kamfani ya tanada, a tabbatar kuɗin fanshonsa da aka cire sun shiga asusunsa. Waɗannan lokutan sanarwa na sashe na 11 sun shafi leburori da akawuna da makamantansu ne. Manajoji da ƙwararru takardar ɗaukarsu ce ke hukunci, ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu ƙa'idojin da dole a bi su daki-daki kafin a taɓa aikin kowa.